Ofishin da bai daina cike baucar takarda ba sai a karo na biyu

Yadda ofishin yake

Wani kamfanin dillancin kayan masarufi ne a Kano, ba zan kama suna ba. Mu 16 ne: Alhaji mai kamfanin, manaja, akanta, Hajiya kashiya, mutum biyu a sito, direbobi biyar, 'yan talla uku, Baba masinja, sai ni da nake riƙe da harkar admin. Duk wani ƙaramin kuɗi da zai fita, na mai ne ko gyaran mota ko kuɗin lebura, sai an cike bauca. Littafi ne mai kwafi uku da kabon a tsakani, ka cike, manaja ya sa hannu, akanta ya duba, in kuɗin ya haura naira 50,000 sai Alhaji ya sa nasa hannun, sannan Hajiya ta biya. Baba ne mai yawo da takardar daga tebur zuwa tebur.

Matsalar ita ce Alhaji ba mazauni ba ne, a wata yakan yi kwana goma a Legas wajen fito da kaya, to takarda kuwa ba ta bin mutum Legas. Sai ka ga mota ta kwana uku a gareji saboda ana jiran sa hannu ɗaya, kwastoma yana ta kira, direba yana zaune a bakin get yana shan shayi. Ƙarshen wata kuma akanta ya yi ta neman takardun da suka ɓata.

Janairu zuwa Fabrairu: yunƙurin farko

Ni na kawo shawarar a koma fom na waya. Na haɗa shi a Google Forms, amsoshin suna sauka a Google Sheets, manaja da Alhaji su duba a wayarsu su rubuta sun amince. Alhaji ya gani ya ce ya yi, a fara. Ranar 8 ga Janairu na buga memo na manna a allo na kuma tura a gurup ɗin WhatsApp na ofis, cewa daga 15 ga wata ba sauran baucar takarda.

Satin farko buƙatu 27 aka yi, 19 sun zo ta fom. Sati na biyu suka ragu. Zuwa sati na huɗu 3 ne kacal suka zo ta fom cikin 30, kuma ukun nan biyu ni na cike su. Ba wanda ya yi gardama, ba wanda ya ce ba zai yi ba, kowa ka tambaya sai ya ce ai netiwok ne ko caji ya ƙare, kuma littafin bauca yana nan a durowar Hajiya duk wanda ya miƙa hannu za a yago masa. Na sake tura memo mai ɗan zafi a tsakiyar Fabrairu. Kwana huɗu aka yi ana cike fom aka koma gidan jiya.

Maris: tsarin da muka ɗauko

A nan ne na koma kan wani abu da na taɓa karantawa a darasin gudanarwa, tsarin matakai uku da ake danganta wa Kurt Lewin, masanin halayyar jama'a da ya baro Jamus ya koma Amurka a 1933 ya rasu a 1947. A wata maƙala da ta fito a mujallar Human Relations a shekarar da ya rasu ya ce canjin da zai zauna a cikin rukunin mutane yana da ɓangare uku: a narkar da halin da ake ciki, a motsa zuwa sabon matsayi, sannan a daskarar da abin a can. Daga baya malamai suka faɗaɗa maganar har ta zama abin da ake koyarwa yanzu, narkarwa, canji, sake daskararwa. Misalin da ake bayarwa na ƙanƙara ne, kuma duk wanda ya taɓa sayar da ƙanƙara da azumi ya san shi. In tana dunƙule a leda kana so ta koma siffar kofi, matsa ta ba zai yi ba sai dai ta fashe, dole ka bari ta narke, ka juye a kofin, ka mayar firiza. In ka juye ka bar ta a waje kuma ruwa kawai ka samu.

Akwai wani tunanin nasa da ke tafiya da wannan. Ya ce duk halin da ka ga mutane sun zauna a kai, ƙarfi biyu ne suka yi kunnen doki, masu tura wa gaba da masu riƙewa. In ka ƙara turi su ma masu riƙewar sai su ƙara, a samu tsamin dangantaka kawai. Abin da ya fi sauƙi shi ne a rage abin da ke riƙewar. Memo na biyu da na tura turi ne zalla.

Na kai wa manaja wannan maganar, muka tsara wata shida: Maris narkarwa, Afrilu da Mayu canji, Yuni zuwa Agusta daskararwa. Muka kuma yarda ba za a sake matsa wa kowa ya cike fom ba duk tsawon Maris.

Maris: narkarwa

Abu na farko ƙirga muka yi. Ni da akanta muka zauna ranar Asabar muka fito da baucocin watan Nuwamban da ya wuce, don shi ne wata cikakke na ƙarshe da ba hutu ba hayaniyar fom. Guda 112 ne. Muka duba ranar da aka cike da ranar da aka biya. Mafi yawansu kwana huɗu suka ɗauka, akwai wadda ta kai kwana 11. Guda 23 sun haura 50,000, su ne suka jira Alhaji. Guda 9 kuma kwafin kabon kawai muka gani, ainihin takardar ba ita ba dalilinta.

Ba mu manna wannan a allo ba. Zama muka kira ranar Litinin da safe, aka kawo baucocin kansu aka zube a tebur, manaja ya ce kowa ya nemo nasa ya faɗi abin da ya faru a kwanakin da ya yi jira. Dalilin yin haka shi ma daga Lewin ne. Lokacin yaƙin duniya na biyu an yi gwaji a Amurka don a shawo kan matan gida su riƙa dafa kayan ciki irin su zuciya da ƙoda saboda ƙarancin nama. Waɗanda aka yi wa lacca kashi 3 cikin 100 ne suka gwada, waɗanda aka zaunar suka tattauna suka yanke shawara a tsakaninsu kashi 32. A zamanmu wani direba ya ɗaga tasa baucar ya ce wannan ta kulochi ce, kwana shida ya yi ba alawus ɗin hanya saboda mota ba ta fita ba, wani ɗan talla ya ce shi da kuɗin aljihunsa ya biya lebura har yau saura dubu huɗu ba a ba shi ba don takardar ta ɓata. Mintuna 20 muka tsara, sai da muka yi awa ɗaya da kwata. Gani ya kori ji, ranar ba wanda ya fita yana cewa tsarin takarda lafiya lau yake.

Abu na biyu shi ya fi cin lokaci. Sati biyu na yi ina bin mutane ɗaya bayan ɗaya ina tambayar me ya hana su fom a Janairu, ba a ofis ba, wani a wajen mai shayi wani bayan sallar azahar. Ruwa ba ya tsami banza. Direbobi uku cikin biyar ƙaramar waya ce da su, ba ta buɗe fom, kuma kunya ta hana su faɗa a gurup. Fom ɗin nawa kuma na sa dole sai an ɗora hoton rasit kafin ya tafi, alhali mai gyara a Ƙofar Ruwa ba rasit yake bayarwa ba, kuma ma kuɗin ake nema kafin a yi gyaran, rasit ɗin me za a ɗora? Wannan laifina ne tsaf, ban taɓa bin direba gareji ba na zauna na tsara masa fom.

Baba masinja bai ce komai ba sai a zama na biyu. Ya ce, "Malam, in takarda ta daina yawo ni kuma me zan riƙa yi a nan?" Shekararsa 12 a kamfanin. Ban da amsa a lokacin.

Hajiya ita ce ta fi kowa bayani. Ta ce, "Ɗana, shekara 19 ina riƙe da akwatin kuɗi, abin da ke kare ni shi ne sa hannun wanda ya karɓa. Gobe mutum ya ce ban ba shi ba, waya zan ɗaga in nuna wa Alhaji?" Sai kuma ta rage murya ta faɗi abin da kowa ya sani ba a faɗa. In abu na gaggawa ya taso, takan ba da kuɗin a kan amana a cike takarda daga baya a sa kwanan watan baya. Da haka ofishin yake tafiya in Alhaji ba ya nan. Fom kuwa yana buga lokacin da aka cike shi har da minti, ba a sa masa kwanan baya, kenan zai tona cewa ta biya kafin a amince. Edgar Schein na jami'ar MIT, wanda ya faɗaɗa matakin narkarwa, ya ce tsoro biyu ne ke kokawa a zuciyar ma'aikaci, tsoron abin da zai same shi in bai canza ba da tsoron koyon sabon abu da kunyar da ke ciki, kuma na biyun ake ragewa. Na Hajiya ya haɗa da tsoron a ce ta karya doka a kan abin da taimako take yi.

Ranar 28 ga Maris muka kai wa Alhaji takarda mai layi biyu, masu turi a hagu masu riƙewa a dama. Abu biyu muka roƙa. A ɗaga iyakar abin da manaja zai amince shi kaɗai daga 50,000 zuwa 100,000, kuma a halatta biyan gaggawa har 30,000 a hannun Hajiya da sharaɗin a cike fom cikin awa 24. Na farkon ya ja da shi sosai, sai da akanta ya nuna masa cewa cikin 23 ɗin nan da suka jira shi 17 ba su kai 100,000 ba, kuma ba ko ɗaya da ya taɓa ƙin sa wa hannu. Ya yarda.

Afrilu da Mayu: canjin kansa

Ba mu fara da kowa ba wannan karon. Ranar 3 ga Afrilu 'yan sito da 'yan talla kawai suka fara, mutum biyar, dukkansu suna da babbar waya. An rage tambayoyin fom daga 11 zuwa 6. Rasit ya daina zama dole a lokacin nema, sai bayan an kashe kuɗin, inda babu rasit a ɗauki hoton kayan da aka cire a mota da lambar mai gyaran. An saya wa Baba waya ta ofis, duk direban da ba zai iya ba ya kira shi ya faɗa masa ya cike, shi ne kuma mai bin mutane karɓo rasit. Koyar da shi ya ɗauki sati biyu, ɗan tallanmu ƙarami ne ya zauna da shi kullum bayan la'asar. Ita kuma Hajiya kullum da safe ana buga mata takarda ɗaya ta abubuwan da aka amince, wanda ya karɓi kuɗi ya sa hannu a gaban sunansa, ta jera a fayil ɗinta.

A shit ɗin da amsoshin fom ke sauka na ƙara layi ɗaya mai ƙirga kwanakin jira, `A` lokacin da aka nema `G` ranar da aka biya:

```
=IF(G2="", TODAY()-INT(A2), INT(G2)-INT(A2))
```

Duk wanda ya wuce kwana biyu sai gurbin ya koma ja.

Satin farko abin ya fi na da muni, jira ya kai kwana biyar. Manaja yana mantawa ya buɗe shit ɗin, wani ɗan sito ya tura buƙata ɗaya sau uku don bai ga alamar ta tafi ba saura kiris a biya shi sau biyu, ranar Alhamis kuma netiwok ya ɗauke yini guda. Akanta ya ce ko dai mu haƙura. Abin da ya hana shi ne tun a zaman Maris an faɗa wa kowa cewa sati biyun farko za a sha wahala. Manaja ya sa ƙararrawa a waya ƙarfe 10 da ƙarfe 3, aka kunna saƙon da ke nuna fom ya isa. Direbobi suka shigo ranar 24 ga Afrilu. Ƙarshen Mayu buƙatu 118, 109 ta fom, mafi yawa an biya washegari.

Yuni: komawa baya

A tsarinmu Yuni ne farkon daskararwa, amma gaskiya ba abin da muka yi, ganin lambobin Mayu ya sa muka saki jiki. Ranar 6 ga Yuni Alhaji yana Legas, mota ta lalace a hanyar Zariya, gyaran 140,000. Direban ya kira Alhaji kai tsaye, Alhaji ya kira Hajiya ya ce a tura masa, ta tura, ta ciro tsohon littafi ta cike bauca don ta sami abin riƙewa. Kafin azahar duk direbobi sun ji. Cikin sati biyu da suka biyo baya, biya 14 cikin 58 ba su bi ta fom ba, duk ta waya da bauca. Da na leƙa durowar Hajiya littattafai bakwai ne sababbi fil a ciki.

Yuli zuwa Satumba: daskararwa

Manaja ne ya shiga wajen Alhaji da lissafin 14 ɗin, ni ina bayansa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, in kai ka amince ta waya ba mai sake cike fom, don kiranka ya fi fom sauri." Alhaji ya yi dariya ya ce to mota ta kwana a daji kenan? Aka tsaya a kan cewa in an kira shi zai ce a kira Baba ya cike, shi kuma ya amince a wayarsa nan take, duka bai fi minti biyar ba. Ranar Litinin ya faɗi haka da bakinsa a gaban kowa.

An kwashe littattafan bauca, shida aka kai sito aka kulle, ɗaya aka sa wa shafukansa lamba aka bar shi a kabad ɗin manaja don ranar da ba netiwok, kuma duk shafin da aka yaga sai an shigar da shi fom washegari. Akanta ya daina rufe lissafin wata in akwai biyan da ba shi da lambar fom. Kowace Litinin minti goma ana duba gurabun da suka yi ja, a tambayi wanda abin ya tsaya a hannunsa, manaja ne ko Alhaji. An rubuta tsarin a shafi ɗaya, da aka ɗauki sabon direba a Agusta ranar farko Baba ya koya masa, bai taɓa ganin baucar takarda ba. An kuma canza sunan aikin Baba a takardar albashi da ɗan ƙari. Abu na ƙarshe, fom ɗin da shit ɗin duk a imel ɗina suke tun Janairu, aka mayar da su na ofis aka ba akanta da manaja iko.

Na tafi hutun sati uku a Satumba ban kira kowa ba. Watan an yi buƙatu 131, 127 ta fom, 4 ta littafin kabad kuma duk an shigar da su. A Disamba 140 cikin 143. Ba takardar da ta ɓata. Abin da ya haura 100,000 har yanzu yakan yi kwana biyu zuwa uku in Alhaji yana cikin hidima, rasit ɗin gareji kuma har gobe da kyar ake samu.

Abin da na gani bayan an gama

Fom ɗin Janairu da na Afrilu duk a Google Forms aka haɗa su, don haka ba na'ura ce ta kayar da mu da farko ba. Memo ya gaya wa mutane abin da za su yi bai taɓa ko ɗaya daga dalilan da suka riƙe su ba, kuma kowane dalili na gaskiya ne, ba taurin kai ba. A ganina amfanin tsarin Lewin a nan shi ne ya tilasta mana ware wata guda cur na tambaya kafin mu taɓa komai, in ba don shi ba da memo na uku zan tura. Kuma abin da ya fi yin aiki a cikin narkarwar ba zaman da aka zube baucoci ba ne duk da daɗinsa, halatta biyan gaggawar nan ne, don shi ya sa abin da Hajiya take yi a ɓoye ya zama doka ta daina tsoron fom.

Inda muka yi sakaci shi ne mataki na uku. Mun ɗauka daskararwa lokaci ne kawai, in an daɗe ana yi za a saba. Yuni ya nuna ba haka ba ne, muddin tsohuwar hanya tana buɗe kuma ta fi sauri, musamman in mai gida ne ya bi ta, sati biyu sun isa. Da za a sake, ranar 24 ga Afrilu zan kwashe littattafan nan, in kuma yi maganar kiran waya da Alhaji tun a Maris.

Tsarin yana da inda ya gaza. Matakan ba su zo a jere kamar yadda muka rubuta ba, a Yuli sai da muka sake narkar da mutum ɗaya, Alhaji, alhali sauran sun yi nisa. Bai gaya mana ko canjin da muka zaɓa shi ne daidai ba, bai kuma ce komai kan yadda ƙaramin ma'aikaci zai gaya wa mai kamfani cewa shi ne matsalar ba, da manaja bai da fuska a wajensa da nan abin ya mutu. Masu sukarsa suna cewa ofishin yau ba ya tsayawa wuri ɗaya balle a daskarar da shi, kuma akwai ƙamshin gaskiya, don aikinmu ƙarami ne mai iyaka, mutum 16 da tsari ɗaya, kamfanin da ke canza abu biyar a lokaci guda ba zai samu wata shida ga kowanne ba. Yanzu haka akanta yana so a bar Google Sheets a koma manhajar lissafi wadda za ta haɗa da kayan sito. Ya kawo maganar a zaman Litinin, Hajiya ta tambaye shi ko ita ma tana buga takardar sa hannu, ya ce zai duba.